Yadda Ake Zaɓen Kankana Mai Zaƙi: Makwanci, Nauyi da Ƙara

Na yi shekaru ina taya kawuna sayar da kayan marmari a bakin titi, kuma ni yake aikawa Kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano in sarin kankana ya taso. A farkon zuwana, yadda na ga kowa yana yi haka nake yi: in ɗauki kankana, in buga ta sau biyu, in gyaɗa kai kamar na ji wani abu, in biya kuɗi. Ranar da na kawo guda goma sha biyu, bakwai suka fito fari-fari a ciki, salam kamar guna, kawu bai yi mini faɗa ba. Ya jera bakwai ɗin nan a ƙasa, ya mirgina kowacce, ya ce, "Ɗan nan, dubi cikinsu. Ko ɗaya ka juya kafin ka saya?" Ban juya ba. Duk bakwai ɗin makwancinsu, wato gefen da ya kwanta a ƙasa a gona, fari ne fat.

Abin da zan koya maka shi ne abin da na koya daga ranar: ido ne farko, hannu na biyu, kunne na ƙarshe. Yawancin masu saye daga kunne suke farawa, alhali shi ne ya fi wuyar koyo, kuma shi ya fi yaudara.

Abin da za ka tanada

Ba wani kaya mai yawa ba ne. Hannuwanka biyu su zama babu komai a cikinsu, don haka ajiye leda da waya. Ka riƙe ɗan tsumma ko hankici na goge ƙasa daga jikin kankana, domin taɓo da ƙura suna ɓoye launin da kake nema. Kana bukatar hasken rana, ko fitilar waya mai farin haske in dare ne. Kana bukatar tuli mai kankana aƙalla huɗu ko biyar iri ɗaya, domin dukan aikin nan gwada wata da wata ne; kankana ɗaya tilo ba ta gaya maka komai sosai. In akwai sikeli a kusa, madalla, in babu hannu ya isa. Sai buhu ko kwali na ɗauka, da wuƙa mai tsabta wadda za ta jira ka a gida.

Abu biyu da ya kamata ka sani tukuna

Kankana ba ta ƙara zaƙi bayan an cire ta daga yaɗonta. Ba kamar ayaba ko mangwaro ko gwanda ba ce, da za ka rufe a buhu kwana uku su nuna. Zaƙin da ta baro gona da shi, shi ke nan. In ka ajiye ɗanya mako guda, iyaka ta yi laushi, launin cikin ya ɗan sauya, amma sukari ba zai ƙaru ba. Duk mai sayarwar da ya ce maka "ajiye ta zuwa jibi za ta yi zaƙi", ko bai sani ba, ko yana son ya rabu da kaya.

Na biyu, kowace alama cikin ukun nan aibi daban take kamawa. Makwanci yana gaya maka ko ta nuna a gona ko an yi gaggawar cire ta. Nauyi yana gaya maka ko ruwanta na nan, ko ta daɗe ta fara bushewa, ko akwai rami a ciki. Ƙara tana gaya maka halin da tsokar take ciki: tauri, daidai, ko ta saki. Shi ya sa ba a ɗaukar ɗaya a bar biyu.

Mataki na 1: Ka tsaya a iri ɗaya, girma ɗaya

Dubi tulin tukuna kafin ka taɓa. A kasuwanninmu za ka fi cin karo da mai zagaye mai hasken kore da siraran zane, wadda masu sayar da iri ke kira Kaolack. Da mai duhun kore kamar baƙa, irin Sugar Baby. Da mai faɗin zane kore da fari-fari. Wani lokaci da doguwar nan mai kama da matashin kai. Kowace da kaurin ɓawonta da irin muryarta. In ka gwada ƙarar doguwa da ta mai zagaye, ka ruɗa kanka a banza. Ka ware guda huɗu ko biyar iri ɗaya, masu kusan girma ɗaya, ka jawo su gabanka.

Kada girma ya ja ka. Babbar kankana ba ita ce mai zaƙi ba, ƙaramar ma haka. Ni matsakaiciya nake ɗauka a cikin tuli, domin 'yan ƙanana sau da yawa na ƙarshen yaɗo ne, waɗanda aka tsince tare da manya ranar da mota ta zo gona.

Mataki na 2: Fitar da masu aibi a jiki

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Shafa kowacce da tafin hannu. Duk mai tsagewa, mai wurin da ya lotsa in ka danna, mai ɗigon ruwa ko danƙo yana fita daga ɗan rami, ture ta gefe. Ƙaramin rami mai baƙin baki da laushi a kewayensa yawanci harbin ƙudan 'ya'yan itace ne, kuma tsutsa na iya kasancewa a ciki. Ka duba ƙasan kankanar, wato wurin da fure ya faɗi: in ya yi baƙi ya shiga ciki, ruɓa ta fara. Mai ƙusumbi, wadda gefe ɗaya ya kumbura ɗaya ya tsuke, ita ma bar ta, domin irin wannan ba ta samu barbarar fure ko ruwa daidai ba, kuma cikinta ba ya nuna gaba ɗaya.

Ƙarzuwa busasshiya mai launin ƙasa, wadda ba ta shiga ciki ba, ba aibi ba ce. Amma kuma ba shaidar zaƙi ba ce kamar yadda wasu ke yaɗawa. Na yanka masu irin wannan zanen da yawa, wasu zuma, wasu lami.

Mataki na 3: Juya ta, nemi makwanci

Nan ne aikin yake, don haka zan daɗe a kai.

Kankana a ƙasa take kwance tun tana ƙarama har ta nuna. Gefen da ke manne da ƙasa ba ya ganin rana, saboda haka ba ya yin kore kamar sauran jiki. Wannan tabon shi nake kira makwanci. Tun tana ɗanya, makwancin fari ne, ko fari mai ratsin kore. Yayin da take nuna, sai ya juya zuwa launin man shanu, daga nan ya koma ruwan ɗorawa. Daga fure zuwa nuna kankana tana ɗaukar wajen kwana 35 zuwa 45, gwargwadon iri da zafin gari, kuma a kwanakin ƙarshe ne sukari ya fi taruwa. Manomin da ya cire ta saura mako guda, don ya riski kasuwa mai tsada ko don tsoron ɓarayi, ya yanke mata mafi daɗin kwanakinta. Makwanci ne ke tona wannan asiri.

Masu sayarwa kan jera kankana makwanci a ƙasa, kyakkyawan gefe a sama, don haka dole ka mirgina ta da kanka. Goge wurin da tsumma. Jar ƙasa ko laka tana iya rina farin makwanci ya yi kamar rawaya, kuma na ga mutane da yawa sun faɗa wannan tarkon. Bayan ka goge, ka karanta shi kamar haka. In fari ne fat kamar alli, ko kuma zanen jikin kankanar yana ratsa shi kore shar, ɗanya ce, mayar da ita. In ya yi launin man shanu ko madarar gwangwani, ta nuna. In ya yi ruwan ɗorawa sosai, ta nuna ƙwarai, kuma ita nake fara ɗauka, sai dai zan bincike ta da kyau a mataki na nauyi da na ƙara, domin irin wannan ce ke dab da wucewa.

Launi ya fi faɗi muhimmanci. Faɗin makwanci ya danganta da nauyin kankanar da laushin ƙasar da ta kwanta a kai. Wadda ta kwanta a rairayi ta ɗan nutse za ta yi babban tabo ko da ba ta gama nuna ba. Ƙaramin tabo mai ruwan ɗorawa ya fi mini babba fari.

Akwai kuskure biyu da ake yawan yi a nan. Na farko shi ne ɗaukar ƙunar rana a matsayin makwanci. In ganyen yaɗo ya bushe ko ya yi ƙaranci, rana tana dukan saman kankana ta ƙone shi, wurin ya koɗe ya yi fari-fari ko rawaya. Yadda za ka bambanta: makwanci yana da ɗan shafewa, kamar an danna wurin, sau da yawa da ɓurɓushin ƙasa ko ƙananan ƙarzuwa, kuma yana da tauri. Ƙunar rana tana kan gefen da ya yi tudu, fatar wurin kamar takarda, wani lokaci da ɗan laushi. In ka ga kankana da tabo biyu, ɗaya yana kallon ɗaya, to ɗayan ƙuna ce, kuma tsokar da ke ƙarƙashinta ba ta da daɗi.

Na biyu shi ne mantawa da iri. A jikin mai duhun kore, makwanci yana fitowa ƙuru-ƙuru, kuma nunanniya rawayarta tana da ƙarfi, har ta kusa ruwan lemo. In ka ga launin man shanu kawai a jikin irin wannan, ka ɗan yi shakka. A jikin mai hasken kore kuwa, kamar Kaolack, tabon ba ya fita sosai, launin man shanu ma ya wadatar. Kada ka tsaya neman ruwan ɗorawa mai kauri har ka bar mai kyau.

In ba ka ga makwanci ba sam, mai yiwuwa an riƙa juya ta a gona, ko ta kwanta a kan ciyawa. Ba lallai ne ta zama mara kyau ba, amma ka rasa babban mashaidinka. In akwai wasu a tulin, wuce ta.

Tun da tana hannunka, ƙara duba abu biyu. Ɗanyar kankana tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Nunanniya sheƙin ya dushe. Sai dai wasu masu tebur suna goge kayansu da jiƙaƙƙen tsumma, don haka kada ka dogara da wannan shi kaɗai. Sai ɗan karan da aka yanke ta daga yaɗo. Mutane suna cewa in ya bushe ta nuna. Gaskiyar ita ce, karan kowace kankana zai bushe in ta kwana biyar a kasuwa, ɗanya ko nunanniya. Abin da kara ke gaya maka shi ne daɗewarta da barin gona: kore mai danshi, sabon cira ce, busasshe ƙamas wanda ya yi baƙi, ta daɗe a hanya.

Mataki na 4: Ɗaga ta

Yanzu cikin biyar ɗinka wataƙila saura uku. Ɗauki kowacce da hannu biyu, ka ɗaga zuwa ƙirji, ka ɗan saukar ka ɗaga kamar mai auna jariri. Ajiye, ɗauki ta gaba nan take kafin hannunka ya manta. Kada ka gwada ɗaya a dama ɗaya a hagu. Hannun da ka fi amfani da shi kullum zai ce tasa ta fi sauƙi.

Kankana kusan kashi 92 cikin ɗari ruwa ce. Saboda haka lafiyayyiya tana yi maka nauyin da ya wuce abin da idonka ya zata. Wadda ta zo hannunka sakayau, ɗayan biyu ne: ko ta daɗe a ajiye tsokarta ta fara zama kamar soso, ko akwai rami a tsakiyarta.

In kana son ma'auni, ga wanda za ka iya riƙewa. Kankana mai zagaye wadda faɗinta ya kai santimita 20, wato kusan taƙi guda na hannun babban mutum, tana kaiwa wajen kilo huɗu. In ka ɗora irin wannan a sikeli ka ga ta tsaya a kilo uku da ɗan kai, akwai abin da ya ɓace a ciki.

Ga iyakar wannan mataki, kuma ba kowa ke faɗa maka ba: nauyi ba ya raba ɗanya da nunanniya. Ɗanyar kankana tana da nauyi sosai, cike take tam, ruwa ne dai babu sukari. Bakwai ɗin nan da na kai wa kawu duk masu nauyi ne, har ina alfahari da su a hanya. Don haka nauyi yana aiki ne bayan makwanci ya riga ya tace. Cikin waɗanda makwancinsu ya yi, ɗauki mafi nauyi.

Mataki na 5: Ƙwanƙwasa, ka saurara

Kafin ka taɓa kankana, yi wannan gwajin a jikinka, shi ne hanyar da aka koya mini. Lanƙwasa yatsanka na tsakiya ka ƙwanƙwasa goshinka: ƙara ce siririya, mai tauri, "ƙwas-ƙwas". Buga ƙirjinka da tafin hannu: ƙara mai zurfi, mai ɗan amo, "dum-dum". Buga cikinka: ƙara matacciya, "ɓaf-ɓaf", ba ta dawowa. Goshi ɗanya ce. Ƙirji nunanniya. Ciki ta wuce.

Dalili kuwa mai sauƙi ne. Tsokar ɗanya a matse take da tauri, shi ya sa take ba da siririyar ƙara, kamar fatar kalangu da aka matse tsarkiyarsa. Tana nuna, tsokar tana ɗan saki, murya tana sauka. In ta wuce, tsokar ta zama gari-gari, ba abin da zai ɗauki amon, sai ya mutu a wurin da ka buga.

Yadda za ka yi: ɗora kankanar a tafin hannunka ɗaya, ko ka rungume ta a hannu kusa da kunne. Kada ka buga ta tana cikin tuli ko tana ƙasa, domin 'yan'uwanta da ƙasar suna shanye ƙarar. Buga tsakiyarta, wurin da ya fi faɗi, ba kusa da kara ba, ba kuma a kan makwanci ba. Yi amfani da yatsu huɗu a haɗe ko gaɓar yatsa, sau biyu ko uku, ba da ƙarfi ba. Juya ta kaɗan ka sake bugawa a wani gefen.

Kada kunne kaɗai ya yi aiki. Hannun da ke ƙasa shi ma yana ji. A kankana mai kyau, in ka buga sama za ka ji rawar bugun ta ratsa ta iso tafin hannunka, kamar ka buga tulu cike da ruwa. A wadda ta wuce, ba abin da zai iso. A kasuwa mai hayaniya, inda masu baro ke ihu, babura na wucewa, wannan rawar ta fi mini ƙarar amfani.

Akwai ƙara ta huɗu da ke ruɗa sabon shiga: amo mai yawa ƙwarai, "ƙwal-ƙwal" kamar ka buga ƙwarya a kife. Mutum ya ji ya ce ai wannan ita ce ganga. In ta haɗu da rashin nauyi, rami ne a ciki. Irin wannan kankana ba guba ba ce, sau da yawa ma tana da zaƙi, amma ka biya kuɗin iska, kuma tsokar kusa da ramin kan yi bushe-bushe.

Girma yana sauya murya. Babbar kankana kullum ta fi ƙarama zurfin murya, ko da ɗanya ce, kamar yadda babbar ganga ta fi ƙarama. Wannan ne dalilin da na ce ka ware masu girma ɗaya tun farko. Kuma kada ka matse kankana da hannu biyu don ka ji ta yi ƙara a ciki, kamar yadda wasu ke yi. Kana farfasa tsokar ne, in ba ka saya ba ka ɓata wa mai kaya da wanda zai saya bayanka.

Mataki na 6: In alamun sun saɓa

Ba kullum uku ke haɗa baki ba. Bari in ba ka misalin wani saye da na yi da azumi, wajen la'asar, a gaban wani mai baro. Na ware guda huɗu masu hasken kore, kowacce kamar taƙi guda da 'yan yatsu.

Ta farko ta fi kowacce kyau a ido, tana sheƙi, ga nauyi. Na juya, makwanci fari. Ban ma ƙwanƙwasa ba na mayar. Mai baron ya ce, "Haba Alhaji, wannan ai ita ce uwar tulin." Na ce masa, "Malam, a bar wa mai rabo."

Ta biyu makwancinta ruwan ɗorawa ne mai kauri, har na fara murna. Da na ɗaga sai na ji ta fi sauran sauƙi, karanta ya bushe ya yi baƙi, na buga ta ce "ɓaf". Wannan ta nuna a gona yadda ya kamata, amma ta tsufa a kasuwa. In ka yanka irinta za ka tarar da ja mai duhu, tsoka gari-gari tana rabuwa da 'ya'yan, wani lokaci da ɗan warin tsami.

Saura biyu, duka makwancinsu launin man shanu, nauyi kusan ɗaya. Ta uku muryarta ta ɗan fi tashi sama, ta huɗu ta fi zurfi, kuma rawarta ta iso hannuna. Na tambayi kaina yaushe za a sha. Da ta jibi nake nema, ta uku zan ɗauka, domin tsokarta ta fi ƙarfi, za ta jure ajiya. Amma ta buɗa-bakin ranar ce, sai na ɗauki ta huɗu. Da aka yanka, wuƙa na shiga ta tsage da kanta, ja har kusa da ɓawo, 'ya'yan baƙaƙe.

Ƙa'idar da nake bi ke nan. Farin makwanci ya kashe magana, komai daɗin ƙara. Makwanci mai kyau da rashin nauyi, a bari. In makwanci da nauyi sun yi, ƙarar ce kawai ban gamsu da ita ba, ina saye, domin kunnena ya fi idona yin kuskure.

In wani abu ya rasa

In dare ne, kada ka yarda da fitilar mai tebur. Ƙwan lantarki mai rawayan haske yana mayar da kowane makwanci ruwan ɗorawa, wasu kuma jan ƙwai suke sawa don yankakkiyar kankana ta yi ja. Haska da fitilar wayarka.

In mai kaya ba ya son a yi ta juya masa kaya, ka gaishe shi tukuna, ka nuna masa da gaske saye za ka yi, sannan ka ce, "Malam, don Allah juya mini cikinta in gani." Da wuya ya ƙi. In ka saba da mutum ɗaya, ka ce ya zaɓa maka, ka gaya masa yau za a sha ko gobe. Wanda ke son ka dawo ba zai ba ka ɗanya ba. Tambaye shi kuma yaushe kayan suka sauka.

Wasu za su ce a tsaga maka ka gani, su yanko ɗan yanki mai kusurwa uku. Gani ya kori ji, amma da sharaɗi. Ku yi magana kafin wuƙa ta shiga: in ba ta yi ja ba, wa zai ɗauki asara? Dubi wuƙar da za a sa, domin duk dattin da ke jikinta da jikin ɓawon ciki zai shiga. Kuma kankanar da aka tsaga ta ranar ce, ba ta ajiya ba. Ka tuna cewa zaƙi ya fi taruwa a tsakiya. In ɗan yankin da ke kusa da ɓawo ya yi zaƙi, cikin ya fi haka.

In yankakkiya za ka saya, alamun nan uku ba su da aiki, ido ne kawai. Nemi tsoka mai ƙarfi, mai ɗan yashi-yashi, 'ya'ya baƙaƙe ko masu duhun ƙasa. Yawan fararen 'ya'ya masu laushi a irin da aka san shi da baƙaƙe alamar ɗanya ce. Guji wadda ruwa ya taru a ledarta, ko gefenta ya yi yauƙi, ko ta wuni a rana ƙuda na bi.

In kuwa a gona kake, ka samu alamar da ta fi duk waɗannan. A gaɓar da karan kankana ya haɗu da yaɗo akwai ɗan siririn zare mai murɗewa. In yana kore, ba ta kai ba. In ya bushe ya yi launin ƙasa, duba makwanci, in shi ma ya juya, yanke. Ka tabbata zaren gaɓarta ne, ba na maƙwabciya ba, kuma yaɗon kansa yana da rai, domin in ciwo ya kashe yaɗo duk zaren zai bushe, kankana na ɗanya.

Lokaci ma yana da hannu. Kankanar rani, wadda ta sha rana aka kuma rage mata ban-ruwa dab da cira, ta fi ta tsakiyar damina zaƙi. Da damina, in an yi ruwa mai yawa a makon cira, za ka iya samun wadda ta cika duk sharuɗɗan nan, ja ce, nunanniya ce, amma zaƙin ya tsinke. Wannan ba laifin zaɓenka ba ne, kuma ba wata ƙwanƙwasa da za ta nuna maka shi.

Mataki na 7: A gida, kafin ka yanka da bayan ka yanka

Kada ka ɗaure ta a bayan babur tana dukan ƙarfe. Sa ta a buhu da tsumma ko kwali a ƙasa. Bugun hanya yana sa tsoka ta yi ruwa-ruwa a gefe ɗaya. A gida ajiye ta a inuwa, wuri mai sanyi, kamar gindin randa, ba a tsakar gida ba. A zafin bazara kada ta wuce kwana uku zuwa huɗu. In babu firji, nutsa ta a bahon ruwan sanyi awa biyu, ko ka lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu a inda iska ke bi.

Wanke bayanta da ruwa mai tsabta kafin wuƙa ta taɓa. Abin da ya rage bayan an yanka, a rufe a sa a firji, a shanye cikin kwana uku. In babu wuta, a raba wa maƙwabta a ranar.

Kafin ka yanka, sake juya ta ka dubi makwancin da kyau, ka ƙwanƙwasa sau uku a cikin shirun ɗaki, ka faɗa wa kanka abin da kake zaton za ka gani. Sannan ka yanka ka gwada zatonka da abin da ya fito: launin tsoka, kaurin farin da ke jikin ɓawo, launin 'ya'ya, ɗanɗanon tsakiya da na gefe. Ni ina ɗaukar hoton makwancin da waya, in ɗauki na cikin bayan an yanka, in ajiye su tare. In ka yi haka da kankana goma, a ta goma sha ɗaya za ka san launin man shanun da nake nufi, da bambancin "dum" da "ɓaf" a kunnenka.